Kwana Uku ko Rana ta Uku? Matsalar Fassara Lokutan Mutanen Da Zuwa Hausa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin fassara ya san yadda ake tsayawa a yi ta gardama a kan karin magana, da kirari, da sunayen tsirrai, amma da an zo kan lamba sai a wuce da sauri, wai ai uku uku ce a kowane harshe. A ganina nan ne ɓarna take shiga ba tare da kowa ya ankara ba, musamman idan abin da ake fassarawa rubutun mutanen da ne, irin su Rumawa da Yunanawa da Ibraniyawa. Mutanen nan suna ƙidayar kwanaki ta hanyar da ta saɓa wa tamu, suna kuma yanka dare gida-gida da awon da ba agogo ne ya ba su ba. Ra'ayina shi ne, wajibin mai fassara ya isar wa Bahaushe da tsawon lokacin da ya wuce a haƙiƙa, ko da hakan zai sa lambar da ke kan takarda ta sauya.

Bari mu fara da kalmar kwana. Asalinta daga wucewar dare ne, shi ya sa muke tambayar juna da safe yadda aka kwana. Idan baƙo ya sauka ran Litinin da la'asar, ran Talata ya yi kwana ɗaya, ran Alhamis ya yi kwana uku. Wato ranar da abu ya auku ba ta shiga lissafi sai dare ya rufe ta. Mutanen da kuwa, da ranar farawa da ranar ƙarewa duk suna sa su cikin ƙidaya. A wurinsu Litinin ita ce ɗaya, saboda haka Alhamis rana ta huɗu ce. Wannan ɗabi'a ta shiga har cikin ƙirar kalmominsu. Kalmar da Ibraniyawa ke nufin shekaranjiya da ita, wato shilshom, daga tushen kalmar uku ta fito, haka kuma ta Latin, in aka warware ta, ma'anarta yau rana ta uku ke nan. Mu kuwa tsakaninmu da shekaranjiya kwana biyu ne cif.

Akwai labari guda da ke nuna wannan a fili, domin marubucinsa ya jera ranakun ɗaya bayan ɗaya, har mai karatu yana iya bin sa da yatsa. Yana cikin sura ta 10 ta littafin Ayyukan Manzanni, wanda aka rubuta da Yunananci. Wani hafsan sojan Rum mai suna Karniliyas, mazaunin Kaisariya, ya ga wahayi a sa'a ta tara ta yini, wato wajen shigar la'asar, ya tashi manzanni zuwa Yafa su kira masa Bitrus. Tafiyar ta fi kilomita 50 a bakin teku. Washegari da tsakar rana suka kusa garin, Bitrus ya sauke su suka kwana. Washegari suka kama hanya tare. Washegari kuma suka shiga Kaisariya. Da Karniliyas ya tashi ba da labari, sai ya ƙidaya abin da ya same shi da rana ta huɗu baya. To, mu ɗora wannan a kan ranakun mako. In an ce wahayin ran Litinin ne, manzanni sun isa Yafa Talata, sun taso Laraba, sun iso gida Alhamis. Dare nawa ya wuce? Uku. Mai fassarar da ya ga huɗu ya rubuta "yau kwana huɗu ke nan" ya ƙara wa matafiyan nan kwana guda da ba su yi ba, kuma mai karatu mai lura zai koma baya yana neman inda suka yada zango. Abin da Bahaushe zai faɗa a wannan matsayi shi ne "yau kwana uku ke nan, war haka".

Wannan ɗorawa a kan ranakun mako ita ce ma'aunin da ya kamata a riƙa amfani da shi kullum, domin kwana ita ma takan yi sako-sako a bakinmu. Wanda ya ce maka "kwana biyu" a gaisuwa wataƙila ya shekara bai gan ka ba. Amma sunan rana ba ya ruɗi. Mu ɗauki suna. Jaririn da aka haifa ran Alhamis, ran Alhamis mai zagayowa ake raɗa masa suna, muna kuma cewa ya yi kwana bakwai. A Attaura an umarci Bani Isra'ila su yi wa yaro kaciya a rana ta takwas, kuma wannan rana ta takwas ita ce daidai ranar da aka haife shi ta zagayo. Ashe bakwai ɗinmu da takwas ɗinsu rana guda ce. Wanda ya fassara da "bayan kwana takwas" ya kai kaciyar Juma'a.

Haka abin yake a kwanan wata na Rumawa, su da suke ƙidayar baya-baya zuwa ranar farko ta wata mai shigowa. Abin da suke kira rana ta uku kafin farkon Janairu shi ne 30 ga Disamba, domin 1 ga Janairu ita ce ɗaya, 31 ga Disamba biyu, 30 kuma uku. Da Hausa sai a ce saura kwana biyu watan ya kama. Kada ma mu yi wa kanmu tsanani da yawa, su kansu masu abin sun yi tuntuɓe a kansa. Bayan kalandar Yuliyas Kaisar ta fara aiki a shekara ta 45 kafin Miladiyya, limaman da ke kula da ita sun yi ta ƙara ranar tsalle duk shekara uku maimakon huɗu, har sai da Agustas ya dakatar da ƙarin na wasu shekaru don a daidaita.

Na san akwai masu cewa wannan hanya cin amanar nassi ce, wai marubuci ya ce huɗu, ina ruwanka da mayar da ita uku? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya a wuri guda, wato inda lambar kanta take ɗauke da nauyi. A littafin Esta an umarci jama'a da azumi na yini uku, dare da rana, sa'an nan aka ce a rana ta uku ta shiga wurin sarki. A nan mai fassara ba shi da ikon rage ukun, tun da labarin ya maimaita ta da gangan. Sai dai Hausa ta ba mu mafita, tun da muna da rana, da yini, da kwana, kowace da aikinta. "A rana ta uku" tana riƙe lambar, ba ta kuma yi ƙarya a kan adadin darare ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki lambar da aka ƙidaya da salon wasu a liƙa mata kwana, domin a nan an haɗa awon mutum biyu a mudu ɗaya.

Sai kuma batun dare. Sojan Rum sun raba dare, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kashi huɗu, kowane kashi da masu gadinsa. Ibraniyawan farko kuwa kashi uku suka yi masa. Hanyoyi biyu ne mai fassara ya fi saurin bi, kuma duk biyun suna da illa. Ta farko ita ce ya ce "tsaro na huɗu na dare". Wannan ba ta gaya wa Bahaushe kome ba, don bai san tsaro nawa ne a daren ba, balle ya gane ko gari ya kusa wayewa. Ta biyu ita ce ya ruga ga agogo ya ce "ƙarfe uku na dare". Wannan ta fi daɗin karantawa, amma ta sa wa mutanen da agogon da ba su da shi, ta kuma mai da tsawon lokaci ya zama ɗigo guda. Bugu da ƙari, kashin nan ba shi da tsayayyen tsawo. A birnin Rum dare yakan gajarce zuwa wajen awa 9 a tsakiyar lokacin zafi, ya kuma kai wajen awa 15 a tsakiyar hunturu. Ke nan kashi ɗaya yana tashi daga awa biyu da kwata zuwa awa uku da minti 45. Mu da muke Kano ko Zariya, inda dare bai cika yin nisa da awa 12 ba, muna saurin manta wannan.

Abin mamaki shi ne maganin yana hannunmu tuntuni. Albarkacin karatun fiƙihu, babu Bahaushen da bai san sulusin dare ba, kuma sulusi ba ya bukatar agogo, yana miƙewa yana takurewa tare da daren. To me zai hana a yi amfani da sulusi ga rabon Ibraniyawa, rubu'i kuma ga na Rumawa? "Rubu'in dare na ƙarshe" ya faɗi adadin kashin, ya faɗi matsayinsa, bai kuma ƙago ƙarfe ba. Inda ake son sauƙi a cikin labari sai a ce "can goshin asuba", ko da yake wannan ya fi karkata ga wutsiyar kashin.

A sura ta 7 ta Littafin Mahukunta, Gidiyon da mutanensa 300 sun auka wa sansanin Midiyanawa a farkon kashin tsakiya, daidai lokacin da aka sauya masu gadi. Kalmar tsakiya takan ja hannun mai fassara ya rubuta "tsakar dare". Amma kashi uku ne a nan, saboda haka farkon na tsakiya yana zuwa ne da cikar sulusin farko, wato kimanin awa biyu kafin dare ya raba in daren na awa 12 ne. A irin wannan wuri kuma ba a jefar da batun gadi, domin dabarar yaƙin a kansa ta rataya: "da sulusin farko ya wuce, ana gama sauya masu gadi". Inda kuwa babu soja babu sansani, kamar masunta a cikin jirgi, ambaton tsaro nauyi ne kawai a kan jimla.

Wurin da ya fi wuya, a nawa gani, shi ne sura ta 13 ta Markus, inda aka kira kashi huɗun nan da sunayen da jama'a suka saba: maraice, tsakar dare, carar zakara, da safiya. Kalmomin duk muna da su, kuma wannan ne tarkon. Carar zakara a nan suna ne na rubu'i na uku, wanda yake farawa daga rabawar dare, alhali kunnen Bahaushe yana haɗa cara da kusantowar asuba. Safiyar kuma rubu'i na huɗu ce, mafi yawanta cikin duhu, alhali safiyarmu sai gari ya waye. Na ƙarshen yana gyaruwa da asuba. Zakaran kuwa ni dai zan bar shi ya yi cararsa a cikin nassi, tun da ya sake fitowa a sura ta gaba a labarin Bitrus, sa'an nan in sa 'yar manuniya a ƙasan shafi mai cewa rubu'in dare na uku ake nufi.