A kankare a gaban mai kyamis

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ƙanwata. Aka yi mata gwaji a asibiti, aka ce na cizon sauro ne, likita ya rubuta maganin nan mai haɗin atemita da lumefantirin, mai ƙarfin 80/480, ƙwaya 6, ɗaya safe ɗaya yamma har kwana uku. Na tsaya wani kyamis a hanya bayan Magariba. Yaron shagon ya miƙo kwali, na kai farce kan ɗan layin azurfar da ke gefensa, sai ya riƙe mini hannu.

"Baba, ai ba a kankarewa sai an biya. In kun kankare kuka fasa, wa zai saya?"

Maganarsa tana kan hanya, ban musa ba. Na biya, amma na ce masa ba zan gusa daga nan ba sai amsa ta zo, in ta zo da matsala zai mayar mini da kuɗina. Ya ce ya yarda.

Ƙarƙashin azurfar akwai jerin lambobi, a gefe kuma an buga gajeriyar lambar da za a tura su, a nan 38353. Na tura tes, ba a cire mini ko kwabo ba. Minti bai cika ba amsa ta shigo da Turanci, tana cewa an riga an yi amfani da wannan lamba. Azurfar kuwa ni na kankare ta da hannuna, babu wanda ya taɓa ta kafin ni. To wa ya riga ni turawa?

Hukumar NAFDAC ta fara wannan tsari a 2010, daga baya ta wajabta shi a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, domin su masu jabu suka fi kwaikwaya. Kowane kwali yana da lambarsa shi kaɗai, kuma sau ɗaya take aiki. Mai jabu ba shi da hanyar ƙirƙiro sabuwar lamba da rumbun kamfanin zai amince da ita, sai ya sayi kwali ɗaya na gaskiya, ya kwafi lambarsa, ya buga ta a kan kwalaye masu yawa, ya rufe da tasa azurfar. Wanda ya fara turawa zai ga an ce masa na gaske ne, duk na bayansa su ga irin amsar da na gani. Saboda haka amsar "an riga an yi amfani da ita" a kan kwalin da kai ka kankare gargaɗi ce sosai, kada wani ya ce maka matsalar sabis ce.

Na ce wa yaron ya buɗe kwalin mu duba tare. A jikin kowane kwali akwai lambar rukuni, wadda ake rubuta `B.No` ko `Lot` a gabanta, sai watan da aka yi maganin, `Mfg`, da watan da zai daina aiki, `Exp`. Rukuni shi ne dahuwa ɗaya, duk maganin da aka haɗa a lokaci guda a masana'anta. Abin da mutane da yawa ba sa dubawa shi ne, wannan lamba tana nan kuma a kan katin da ƙwayoyin suke ciki, galibi an danna ta a bakin gefe, sai ka karkata shi wajen haske kake ganinta. Dole biyun su zama ɗaya, harafi da harafi. Muka haska da fitilar waya. Ta kwali ta ƙare da 41, ta kati ta ƙare da 17. Kwali ya ce saura shekara guda, kati ya ce ya yi isfaya tun wata huɗu da suka wuce. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce wani mai babur ne ya kawo wa maigidansa katan ɗin da rahusa. Ya ƙirgo kuɗina ya ba ni. Na gaskata bai sani ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don rabin katan ɗin ya riga ya shiga gidajen mutane.

Da na bari sai na isa gida, da labarin ya sauya. Mara lafiya tana rawar ɗari, dare ya yi, shago ya rufe, a hannuna ga magani. Kowa ya san abin da zai faru: za a ce a sha da Bismillah. Ko da na koma washegari, an riga an ɓalle ƙwaya biyu, mai shago ya ce ba nasa ba ne. Shi ya sa nake ganin wurin bincike shi ne kan kantar kyamis, da wayarka, da yatsanka. In mai shago ya ce kawo ya tura maka a tasa wayar, ka ƙi. In kuma lambar da aka buga don turawa doguwa ce irin ta wayar mutum, ka ajiye kwalin, don mai jabu yana iya zama a ɗaya ƙarshen yana amsa wa kowa da cewa lafiya lau.

Ko amsar ta zo da kyau, a karanta ta har ƙarshe. Tana ambaton sunan maganin, wasu kamfanonin har da ranar daina aikinsa. In saƙo ya kira wani suna, kwalin hannunka yana ɗauke da wani, an ciro tambarin ne daga wani wuri aka manna. Haka lambar rajistar NAFDAC: ganinta a kwali bai isa ba, kowane injin buga takarda yana iya buga ta. Mai babbar waya ya shigar da ita a `greenbook.nafdac.gov.ng` ya ga ko sunan magani da na kamfanin da suka fito su ne a hannunsa.

Akwai abin da tes ba zai taɓa gaya maka ba. Bai san ko maganin ya yi wata biyu a tiren mai talla cikin ranar Afrilu ba, alhali yawancin kwalaye suna cewa kada zafi ya haura digiri 30. Kuma na gaske ma yana iya fitowa daga masana'anta da aibi. A 2008 ruwan maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, saboda wata guba mai lalata ƙoda da ta shiga haɗinsa. A watan Afrilun 2024 NAFDAC ta janye wani rukuni na maganin tarin yara na Benylin saboda irin wannan gubar, kuma da lambar rukuni ta yi sanarwar, 329304. Uwar da ta jefar da kwali, ko ta juye maganin a wata kwalba, ba ta da yadda za ta gane ko nata yana ciki.

A nan al'adarmu ta sayen magani take cutar da mu. "Ba ni na ɗari biyu," sai a yanko ƙwaya huɗu da almakashi a ƙulla a leda. Babu kwali, babu azurfa, gefen da lambar rukuni take ma ya tafi da wani mai saye. Na san talauci ne ke sa haka, ba ganganci ba, amma ko ƙwaya biyu za ka saya kana da haƙƙin cewa a nuna maka kwalin da aka ciro su, ka ga katin kafin a yanka.

Daren nan sai a kyamis na uku na sami wanda lambarsa ta amsa daidai, kwali da kati suka yi baki ɗaya. Ya fi na farko tsada da kusan rabi. Kwalin yana nan a kan firji ko da ƙanwata ta shanye ta miƙe, hoton wancan na farko kuma, wanda na ɗauka kafin in mayar, na kai shi ofishin NAFDAC na jiharmu ranar Litinin.