“Maganin Kitse” Ba Sunansa Ba Ne: Magana Kan Sitatin Da Ciwon Tsoka

Maƙalar wannan makon a kan ƙwaya ɗaya ce da dattawanmu da yawa ke sha, da kuma sunan da muka laƙaba mata wanda nake ganin yana cutar da su.

Idan ka shiga kowane kemis a Unguwar Rimi ka ce a ba ka “maganin kitse”, za a gane abin da kake nufi. Akasari za a miƙo maka atobasitatin ko simbasitatin ko rosubasitatin, dangin magungunan da ake kira sitatin. Matsalar ita ce wanda ya ji “maganin kitse” yakan ɗauka ƙwayar tana narkar da maiƙon da ya ci ne. Shi ya sa wani ke shanta ranar da ya ci balangu ko ya zuba man shanu a miya, ya ajiye ta sauran kwanaki. Wani siriri kuma ya ce shi ina ya ga kitsen da za a ba shi magani. Dukkansu sun yi kuskure, kuma sunan ne ya kai su.

Sitatin ba ta da harka da abin da ke cikin kwano. A hanta take aiki. Mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikin mutum jikin ne da kansa ke ƙera shi, kuma hanta ce ke riƙe da ragamar yawan wanda ke yawo a jini. Ƙirar tana bin matakai masu yawa, amma akwai mataki guda da ke zama kamar ƙofar gari, wanda wani sinadari mai suna HMG-CoA ridaktes ke tsaro. Sitatin wannan ƙofar take tarewa. Da hanta ta ga abin da take ƙerawa ya ragu, sai ta ƙara yawan wasu 'yan ƙugiyoyi a bayan ƙwayoyinta, waɗanda ke kamo LDL daga cikin jini su shigo da shi. LDL shi ne nau'in da ke liƙewa a bangon jijiya har ta toshe, a samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wato maganin yana sa hanta yunwa ne, ita kuma ta share jinin. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano waɗannan ƙugiyoyi, suka samu kyautar Nobel a 1985. Sitatin ta farko kuwa Akira Endo na Japan ne ya ciro ta daga wata funfuna a 1973.

Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin abu biyu ba. Na ɗaya, siriri ma yana iya samun LDL mai yawa, domin aikin hanta ne da gado. Na biyu, idan aka daina shan ƙwayar, ƙofar ta buɗe, cikin 'yan makonni LDL ya koma inda yake. Ba kamar maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake gamawa a kwana uku. Amfaninta kuma an auna shi: a binciken da aka wallafa a 1994 kan mutum 4,444 masu ciwon zuciya a ƙasashen arewacin Turai, simbasitatin ta rage mutuwa da kusan kashi 30 cikin 100.

To sai maganar ciwon tsoka, wadda ita ce ke raba mutane da maganin. Gaskiya ne sitatin tana iya taɓa tsoka, kuma duk wanda ya ce wa mara lafiya “tunaninka ne kawai” bai yi masa adalci ba. Amma ciwon yana da kamanninsa. Yakan kama manyan tsokoki, cinyoyi, ɗuwawu, sha-raɓa, kafaɗu, kuma ɓangarori biyu lokaci guda. Yakan fara cikin makonnin farko bayan fara maganin ko ƙara yawansa. Idan aka tsaya yana lafawa cikin 'yan makonni, idan aka koma ya dawo. Ciwon gwiwa ɗaya, ko ciwon baya da aka shekara goma da shi, ko ciwon jiki mai zuwa da zazzaɓi da ciwon kai, ba salonta ba ne. Mu kuwa a nan kalma ɗaya muke da ita ga duka, “ciwon jiki”, kuma mai shekara sittin da ba ya jin ciwon jiki sai an tona.

Akwai wani bincike da nake so kowa ya sani, domin dabararsa ta burge ni. A Landan aka yi shi, ana kiransa SAMSON, aka wallafa a 2020. An ɗauko mutum 60 waɗanda duk sun daina shan sitatin saboda ta dame su. Aka ba kowa kwalba 12, ɗaya ga kowane wata: huɗu da atobasitatin miligiram 20, huɗu da ƙwayar da ba magani a cikinta amma kamarsu ɗaya, huɗu kuma fanko. Kullum mutum yana rubuta yadda ya ji, daga sifili zuwa 100. A watannin kwalba fanko matsakaicin ciwon 8 ne. A watannin sitatin ya kai 16.3. A watannin ƙwayar bogi kuwa 15.4. Ciwon na gaske ne, sun ji shi a jikinsu, amma kusan kashi 90 cikin 100 nasa daga haɗiyar ƙwaya da fargaba ya fito. Da aka nuna musu sakamakonsu, rabinsu suka koma shan maganin. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya zo da abu makamancin haka: kashi 27.1 na masu shan sitatin sun koka da tsoka, kashi 26.6 na masu shan bogi ma sun koka.

Sai dai akwai ciwon da ba a wasa da shi, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Tsoka tana iya rugujewa, abin da ke cikinta ya zube a jini ya toshe ƙoda. Alamarsa ciwo mai tsanani, kasala har mutum ya kasa tashi daga tabarma ba tare da dafawa ba, da fitsari mai launin baƙin shayi. Wanda ya ga haka ya ajiye ƙwayar nan take ya nufi asibiti a ranar, Barau Dikko ko wanda ya fi kusa. Wannan haɗarin ne ya sa aka janye wata sitatin mai suna seribasitatin daga kasuwannin duniya a 2001. Gwajin da ke nuna shi na jini ne, ana kiransa CK, kuma idan ya ninka iyakar da aka saba sau goma ba a ci gaba da maganin. Wani abin lura: baƙar fata, musamman maza masu aikin ƙarfi, CK ɗinsu yakan ɗara na Turawa ko suna lafiya lau, don haka ɗan hawa kaɗan ba shi ne hukunci ba.

A ganina babban haɗari a garinmu yana cikin ledar magunguna ne. Mu ƙaddara wani dattijo mai shekara 58, yana da ciwon suga da hawan jini, yana shan amlodifin da simbasitatin miligiram 40 kowane dare. Tun nan akwai gyara, domin amlodifin yana rage saurin da hanta ke sarrafa simbasitatin, kuma ƙa'idar da aka sa tun 2011 ita ce kada simbasitatin ta wuce miligiram 20 idan suna tare. Sai hunturu ya zo, tari ya kama shi, ya aiki yaro kemis, aka haɗo masa da kilaritiromaisin. Wannan ƙwayar tana toshe hanyar da hanta ke fitar da simbasitatin, sai maganin ya taru a jini ninki-ninki. Bayan kwana biyar cinyoyinsa biyu suka riƙe. Shi zai ce maganin kitse ne bai karɓe shi ba, ya jefar da shi har abada, alhali haɗin ne ya yi ɓarna. Eritiromaisin ma haka take, da ketokonazol na sha, da magungunan cuta mai karya garkuwar jiki masu ɗauke da ritonabir. Ciwon ƙoda, tsufa, da raunin aikin tairod su ma suna ƙara haɗarin.

Abin da likita zai yi wa wannan dattijo ba boyayye ba ne. Zai tsayar da sitatin, ya auna CK da ƙoda, ya jira ciwon ya lafa, sannan ya dawo da shi kan wata daban, kamar rosubasitatin kaɗan, wadda ba ta bin waccan hanyar a hanta. Wasu ma akan ba su ita kwana ɗaya bayan ɗaya.

Idan LDL bai sauka yadda ake so ba fa? A nan ne bambancin magungunan ke fitowa. A ce nasa milimol 4.0 ne a lita ba tare da magani ba. Atobasitatin miligiram 20 za ta sauko da shi kusan 2.3. Idan aka ninka ta zuwa 40, ƙarin ragin kusan kashi 6 ne kacal cikin 100, ya tsaya wajen 2.0 ko 2.1, haɗarin tsoka kuma ya ɗan ƙaru. Amma idan aka bar ta a 20 aka ƙara ezetimib miligiram 10, sai ya sauko kusan 1.8. Dalili shi ne ezetimib a hanji yake tsayawa, yana hana tsotse kolestarol na abinci da wanda hanta ke zubowa cikin ruwan maɗaciya. An tare ƙofa biyu ke nan maimakon a ƙara matsa ɗaya. Shi kaɗai ƙarfinsa bai kai na sitatin ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar yake ragewa.

Fenofaibiret da jemfaibirozil kuwa wani maiƙon suke bi, tiraigilisarayid, kuma ba sa maye gurbin sitatin wajen kare zuciya. Jemfaibirozil ma idan ya haɗu da sitatin yana daga cikin haɗin da ya fi rugurguza tsoka. Akwai kuma allurar da ke hana wani sinadari mai suna PCSK9 lalata ƙugiyoyin nan na hanta, wadda ake yi bayan mako biyu ko wata guda, tana rage LDL da fiye da rabi. Tsadarta ta sa ba maganar yawancin gidajenmu ba ce a yanzu. Duk waɗannan a bakinmu “maganin kitse” ne, kuma mai kemis da ya ce “wancan ya ƙare, ga irinsa” yana iya miƙo abin da ba irinsa ba ne ko kusa.

Ba cewa nake kowa ya sha sitatin ba. Matashin da ba shi da suga, ba hawan jini, ba ya shan taba, lambarsa ta ɗan hau kaɗan, ribar da zai samu ƙarama ce, kuma gyaran abinci da tafiyar ƙafa na iya isarsa. Mai ciki da mai shayarwa akan dakatar musu da ita. Tana kuma ɗan ɗaga suga ga wanda dama yake bakin gaɓa. Amma wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kowane milimol ɗaya da aka rage masa a LDL yana rage haɗarin sake faruwar irin wannan da kusan kashi 22 cikin 100. Irin wannan mutumin idan cinyoyinsa suka fara ciwo, ya tattara duk kwalayen da yake sha, har da na tarin da aka sayo jiya da jiƙon da maƙwabci ya kawo, ya kai wa likitansa ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ya faɗi ranar da ya fara kowanne da ranar da ciwon ya soma.