HOTON DA BA KWANAN WATA BA SHAIDA BA NE



Wata al'ada ta shigo cinikin fili a Yola da Jimeta, kuma ba mu yarda da ita ba. Dillali zai buɗe waya ya nuna maka hoton tauraron ɗan Adam, ya ja layi da yatsa ya ce: "Ga filinka, Alhaji." Kai kuma sai ka biya. Wa ya tambaya yaushe aka ɗauki hoton?

Mutane da yawa sun ɗauka hoton na yau ne. Ba haka ba ne. Yana iya kai shekara biyu ko uku, kuma shekarar da ake gani kusa da alamar © ba ranar ɗauka ba ce. A buɗe Google Earth Pro a kwamfuta, a kusanto da filin, a karanta Imagery Date a ƙasan allo. Sannan a danna hoton agogo da ke sama, a riƙa komawa baya shekara bayan shekara.

Mu ɗauka an yi maka tallan fili kusa da Tafkin Geriyo ko bakin Kogin Binuwai, hoton kuwa na watan Maris ne. Ai da rani ko fadama ƙura take yi! Gajimare kan rufe ƙasa da damina, shi ya sa galibin hotuna masu kyau na rani ne. Nemi na Satumba ko Oktoba, ka duba ko akwai na 2012 da 2022, shekarun da muka sha ambaliya. In tsohon hoto ya nuna kwari ko hanyar ruwa a inda yau ake ganin fili shimfiɗaɗɗe, to ciko aka yi. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Masu cewa hoto ya wadatar wajen gane iyaka, ga lissafi. Fili mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 da 30 ne, wato murabba'in mita 450. Hoton kan iya gocewa da 'yan mitoci. In layin ya goce da mita 3 kacal a ɓangaren tsawo, murabba'in mita 90 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na filin. A nan rigimar maƙwabta take farawa.

Ba mu ce a jefar da hoto ba. Aikinsa ya nuna inda za ka yi tambaya. Iyaka kuwa sai an taka ƙasa da mai safiyo mai lasisi, an ga turakun siminti da lambobinsu, an tambayi maƙwabta da mai unguwa, an bincika takardu a Ma'aikatar Filaye da Safiyo.

Duk dillalin da ya ƙi a duba kwanan watan hoto, riƙe kuɗinka.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.

Sakatare, a madadin ƙungiya.