"Bayan Doguwar Tattaunawa" Ba Dalili Ba Ne

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe bayanin taron wani kwamiti a makaranta, wato abin da muke kira minitis, ya san jimlar nan: "Bayan doguwar tattaunawa, kwamiti ya amince da dakatar da ɗalibin." An kwashe awa uku ana kai ruwa rana, malamai sun ɗaga murya, wani ma ya yi fushi ya fice, amma abin da ya rage a fayil layi ɗaya ne. Ra'ayina shi ne taƙaita muhawara daidai ne, dole ne ma. Matsalar ita ce irin wannan taƙaitawa tana zubar da ainihin abin da ya kamata a ajiye, wato dalilin hukuncin.

Kwalejin kimiyya da fasaha ba majalisar shayi ba ce. Doka ce ta kafa ta, Hukumar NBTE da ke Kaduna na sa mata ido, kuma akwai matakala a cikinta: kwamitin ladabtarwa ya ba da shawara, hukumar harkokin karatu ko Rekta su yanke, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa, daga nan sai kotu. Waɗanda ke saman matakalar ba su zauna a ɗakin da aka yi muhawarar ba. Takarda kawai za su gani. In babu dalili a takardar, mai ɗaukaka ƙara bai san abin da zai ƙalubalanta ba, mai sauraron ƙarar kuma bai san abin da zai auna ba. Ƙarshenta sai a sake maimaita "an amince", a rufe fayil.

Wasu abokaina a ƙungiya kan ce maganin abin shi ne a rubuta komai, kalma bayan kalma, ko a naɗi murya. Ban yarda ba. Na farko, in malami ya san za a rubuta sunansa gefen duk abin da ya faɗa, zai kama bakinsa, musamman in wanda yake son yi wa gyara shugaban sashensa ne. Na biyu, mutum kan fara taro da ra'ayi ɗaya, ya ji hujja, ya sauya. In an ajiye maganarsa ta farko sai a riƙa yi masa gori da ita alhali ya riga ya bar ta. Na uku, shafi ashirin na "wane ya ce, wance ta ce" ba ya nuna wace magana ce ta rinjayi kwamitin. Dalilin kwamiti ɗaya ne, ba tarin dalilan mutum tara ba.

Bari mu ɗauki misali, na ƙirƙira shi ne don a ga aikin. A ce an kama wani ɗalibin ND II da 'yar takarda a aljihu, minti 40 da fara jarrabawa. Dokar makarantar ta raba laifi biyu: shiga ɗakin jarrabawa da takarda mai alaƙa da kwas, hukuncinsa dakatarwa na zango biyu, sai kuma kwafar amsa daga takardar, hukuncinsa kora. Ɗalibin ya ce ya manta ne ya bar ta a wando bayan karatun dare. Kwamitin mutum tara ne, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne malamin da ya kama shi a ɗakin.

A zaman, an taɓo abubuwa da yawa. Wani ya ce yaran zamani sun lalace. Wani ya ce yaron maraya ne, a tausaya. Wata ta tuna wani ɗalibi da aka kora bara. Malamin kwas ɗin ya kawo takardar amsar yaron, ya nuna cewa abin da ke cikin 'yar takardar ya shafi tambayoyi biyu daga cikin biyar, amma yaron bai ma fara amsa su ba lokacin da aka kama shi. Mutum biyu suka dage a kore shi don ya zama izina. Ga yadda nake ganin ya kamata magatakarda ya rubuta wannan awa ukun:

"Kwamiti ya saurari mai sa ido a jarrabawar da ɗalibin, an kuma ba ɗalibin damar yi wa mai sa idon tambayoyi. Mai sa idon, kasancewarsa ɗan kwamiti, ya fita kafin a fara shawara, bai kuma jefa ƙuri'a ba. Kwamiti ya tabbatar an sami takarda mai alaƙa da kwas ɗin a jikin ɗalibin, kuma shi bai musa ba. Kwamiti bai karɓi uzurin mantuwa ba, domin laifin shiga da takarda ba ya buƙatar a tabbatar da niyya, kuma an yi sanarwar a fitar da duk wata takarda kafin a raba tambayoyi. Kwamiti bai sami hujjar kwafa ba, domin ɗalibin bai amsa tambayoyi biyun da takardar ta shafa ba. Saboda haka an ba da shawarar dakatarwa na zango biyu, ba kora ba. Mutum 6 sun goyi baya, 2 sun nemi kora don gargaɗi ga saura, amma rinjaye ya ga cewa doka ta ware kora ga wanda ya kwafa."

Ku duba abin da ya shiga da abin da aka bari. Maganar lalacewar yaran zamani ba ta shiga ba, don ba a kanta aka yanke hukunci ba. Maraicin yaron ma haka, tunda bai rage masa ko kwana ɗaya ba. Da a ce ya rage, to dole a rubuta shi. Abin da ya tsaya shi ne wanda aka saurara, abin da aka tabbatar, dokar da aka yi aiki da ita, dalilin ƙin uzurin ɗalibin, dalilin ƙin hukunci mafi tsanani, da yadda ƙuri'a ta kaya. Babu sunan mai magana ko ɗaya, amma babu wanda zai karanta ya ce bai gane ba.

Layin nan na fitar mai sa ido kada a raina shi. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, kan ɗaliban da aka kora bayan tarzomar 1983. Daga cikin abin da ya sa kotu ta rushe korar akwai cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, don haka ya zama alƙali a shari'ar kansa. Darasin da na ɗauka shi ne, in magana ta kai kotu, tambayoyin farko su ne wa ya zauna, wa aka saurara, wa ke da hannu a lamarin. In bayanin taro bai amsa su ba, makarantar ma kanta ta cuci kanta.

To ta yaya ɗalibi zai gane taƙaitawar da ta lalace? Ina da gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, ka rufe layin hukuncin da hannunka, ka karanta dalilan kaɗai. In za ka iya cankar hukuncin daga gare su, an yi aiki. In dalilan za su iya kaiwa ga kora, su kuma iya kaiwa ga yafewa, to ba dalilai ba ne, ado ne. Na biyu, ka tambayi kanka ko za a iya ɗaukar sakin layin nan a manna shi ƙarƙashin sunan wani ɗalibi daban ba tare da an canza komai ba. Jimloli irin su "duba da girman laifin" ko "domin kare martabar makaranta" duk suna faɗuwa wannan gwaji. Sun dace da kowa, don haka ba su yi bayanin kowa ba.

Akwai ɓarna ta uku da ta fi wuyar ganewa, ita ce dalilin da aka ƙera bayan taro. Magatakarda ya koma ofis, ya ga abin da aka faɗa a ɗaki ba zai yi kyau a takarda ba, sai ya samo dalili mai tsafta wanda babu wanda ya ambata. Wannan ba taƙaitawa ba ce, sauya tarihi ne. Rigakafinsa a cikin ɗakin yake: kafin a wuce zuwa batu na gaba, shugaban taro ya faɗi dalilan da bakinsa cikin jimla uku ko huɗu, ya tambaya ko haka ne, a rubuta nan take. Sai kuma lokacin amincewa da bayanin a zama na gaba, wanda mu kan wuce da shi cikin minti ɗaya da "na kawo ƙudiri" da "na goyi baya". Nan ne damar ƙarshe ta gyara. Da zarar shugaba ya sa hannu, takardar ta zama hujja, kuma wanda ya ce ba haka aka yi ba shi ke da aikin tabbatarwa.

Mai cewa hakan ba zai yiwu ba ya dubi kwamitin manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya. Sukan zauna kwana biyu, sannan su fitar da sanarwa mai ɗauke da abin da suka duba, abin da suka yanke kan kuɗin ruwa, da yadda ƙuri'a ta kasance. Daga baya a wallafa bayanin kowane ɗan kwamiti da sunansa. Ban ce kwamitin ladabtarwa ya kai nan ba, domin sirrin ɗalibi daban ne da kuɗin ruwa, kuma bai kamata a liƙa cikakken bayaninsa a allon sanarwa ba. Amma shi wanda hukuncin ya hau kansa, ya cancanci ganin dalilin a cikin wasiƙar da aka ba shi, tun wa'adin ɗaukaka ƙara bai ƙare ba.

Kafin mu nuna wa hukumar makaranta yatsa, mu buɗe littafin majalisar wakilan ɗalibai. Duk lokacin da aka ƙara kuɗin ƙungiya, ko aka dakatar da wani jami'i, ko aka ba wani kwangilar buga riguna, me aka rubuta? Ina ba Sakatare Janar da Kakakin majalisa shawarar mu fara da kanmu a wannan zango: kowane ƙudiri ya zo da sakin layi ɗaya na dalili, da hujjar da aka ƙi da abin da ya sa, da adadin ƙuri'u. In mun riƙe wannan, wakilanmu za su iya shiga ofishin Rajistara su nemi a riƙa sa dalili a kowace wasiƙar dakatarwa, ba tare da an ce mu fara gyara namu ba.