Inda ake murɗe ƙarin girman ma'aikaci kafin ranar jarrabawa

Duk lokacin da sakamakon ƙarin girma ya fito a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, akwai ƙorafin da ba ya sauyawa: wane ya ci jarrabawa amma an bar shi, an ɗaga ɗan'uwan darakta ko abokin maigida. Wani lokaci zargin gaskiya ne, wani lokaci kuma ɓacin rai ne kawai. Abin da ke wahalar da ma'aikaci shi ne bambance biyun, domin galibi yana neman maguɗin ne a takardar jarrabawa, alhali an gama shi tun shekara biyu ko uku baya.

A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke mataki na 7 zuwa na 14 sai ya yi shekara uku a matakinsa kafin a duba batun ƙara masa girma. Na mataki na 15 zuwa sama shekara huɗu ne, na mataki na 6 zuwa ƙasa kuma shekara biyu. Bayan haka ana haɗa masa maki daga wuri uku: 70 daga jarrabawa, 20 daga rahoton aikinsa na shekara-shekara da aka sani da APER, sai 10 daga daɗewarsa a aiki. Wanda bai kai 60 ba ya faɗi.

Sai dai samun 60 ba ya nufin an ci. Dole ne a samu gurbi a mataki na gaba. Idan mutum goma suka haye kuma gurbi biyu ne, na ɗaya da na biyu za a ɗauka, sauran su jira wata shekarar. A nan ne maki ɗaya tak ke raba mutum da ƙarin albashi.

A ɗauka akwai ma'aikata biyu a mataki na 12, an ɗauke su aiki shekara ɗaya, suna neman gurbi ɗaya a mataki na 13. Na farko ya samu 49 a jarrabawa, na biyu 44. Tun da daɗewarsu ɗaya ce, kowa ya samu 8. Amma shugaban sashen ya ba na farko 13 a rahoton shekara, ya ba na biyu, wanda surukinsa ne, 19. Jimillar na farko 70, na biyu 71. Na biyu ya tafi mataki na 13, kuma duk mai binciken da ya buɗe fayil zai tarar da lissafi daidai. Ba a taɓa takardar jarrabawar kowa ba.

Wannan ne ya sa maki 20 ɗin nan ya fi ƙarfin yadda ake ganinsa. Maigidan ma'aikaci ne ke bayar da shi, mai yawa daga ciki kuma ra'ayi ne kan abubuwa irin su himma, iya hulɗa da jama'a da riƙon amana. Ana duba rahotannin shekarun da mutum ya yi a matakin, don haka wanda ake son dannewa ba sai an ba shi mummunan rahoto ba. A riƙa ba shi matsakaici kawai shekara uku a jere. Ma'aikata da yawa suna sa hannu a fom ɗin ba tare da sun karanta abin da aka rubuta a kansu ba, wasu ma sai lokacin ƙarin girma ya ƙarato suke tattaro fom na shekara uku su kai a cike musu rana ɗaya. Wanda ya yi haka ya miƙa wuƙar da za a yanka shi da hannunsa.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi wuyar kamawa: rabon aiki. Idan aka tashi tura mutum kwas, ko naɗa mai riƙon ƙwarya a wani ofis, ko saka suna a kwamiti mai muhimmanci, ɗan gida ake tunawa. Bayan shekara uku takardunsa sun fi na kowa kyau, kuma da gaske ne ya fi sanin aikin, domin shi aka ba damar koyo. Ranar da aka ɗaga shi, ba wanda zai iya cewa bai cancanta ba.

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya amince cewa APER na da rauni, shi ya sa ake maye gurbinsa da tsarin PMS, inda ma'aikaci da maigidansa za su amince kan ayyukan da za a auna shi da su tun farkon shekara. Ci gaba ne, domin ya fi wuya a ce mutum bai yi aiki ba idan an rubuta aikin kuma ya gama shi. Amma har yanzu maigidan ne ke tsara ayyukan, shi ne kuma ke cewa an yi ko ba a yi ba. Zai iya ɗora wa wani dutse ya ba wani tsakuwa.

To me ma'aikacin da ke ganin an zalunce shi zai nema? Da farko makinsa a rarrabe: nawa ya samu a jarrabawa, nawa a rahoto, nawa a daɗewa. Sai yawan guraben da aka bayyana, da matsayinsa a jerin ma'aikatan matakinsa. Idan makin jarrabawarsa ne ya yi ƙasa, magana ta ƙare, ko da wanda aka ɗaga ɗan maigida ne. Idan kuwa rahotonsa ya faɗi ne daidai lokacin da sabon shugaba ya zo, ba tare da an taɓa ba shi takardar tuhuma ko gargaɗi ba, ko kuma wanda aka ɗaga bai cika shekarunsa ba, to yana da abin riƙewa.

Daga nan sai takardar koke. Ga ma'aikacin ma'aikatun tarayya, Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke da hurumin sauraron ƙara kan ƙarin girma, amma ƙa'ida ta ce koke ya bi ta hannun shugabanni. Ma'ana, sau da yawa takardar za ta sauka ne a teburin wanda ake kuka da shi. Shi ya sa riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata ke da muhimmanci. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi, sai dai dokarta ta sa iyakar wata 12 daga faruwar abu.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce matakin ƙarshe, amma kotunan Najeriya sun sha yanke hukuncin cewa ƙarin girma ba haƙƙi ba ne da ke zuwa da kansa. Wanda ya je yana cewa ya fi wane iya aiki da wuya ya yi nasara. Wanda ya nuna cewa an karya rubutacciyar ƙa'ida shi ke da dama.

Abin mamaki, dokar da ta fi dacewa da wannan matsala ba ta ƙwadago ba ce. Sashe na 19 na dokar ICPC ta shekarar 2000 ya tanadi ɗaurin shekara biyar, ba zaɓin tara, ga jami'in gwamnatin da ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko abokinsa fifikon da bai dace ba. Matsalar ita ce hujja. Surukuta ba ta bayyana a fayil, kuma abokan aikin da suka san gaskiya su ma suna jiran maki 20 ɗinsu daga hannun mutumin da za su ba da shaida a kansa.