Idan babban baƙo ya makara, kirari ba ya riƙe taro

An sa ƙaddamar da littafi ƙarfe 10, ga shi 11 ta gota, mai jawabi bai iso ba. A nan mai gabatarwa kan shiga jero digirori da sarautun baƙon, in ya ƙare ya koma farko.

Wannan kuskure ne. Yabon wanda ya shanya jama'a haushi yake ƙara musu. Gara ya faɗa sau ɗaya cewa baƙo ya makara, sannan ya ja gabatarwar a kan maudu'in: me ya sa aka zaɓe shi, wace tambaya ake so baƙon ya amsa. Tarihin baƙon kuwa ya jira isowarsa.

Amma dabarar ba ta wuce minti 15. Da mutane sun fara latsa waya suna zamewa, sai a kira mai sharhin littafi.