Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Magana a kan Kwanon Mai Ciki da na Mai Jego



Shekaruna da dama ina riƙe da alƙalami a zauren mai unguwarmu a nan Kumasi, kuma babu makon da zai wuce ban rubuta takardar gayyatar suna ba. Na ga magidanta suna cin bashi domin ragon suna, na ga ana yayyafa kuɗi a kan atamfar fitar suna. Abin da ban taɓa ji ba shi ne magidanci ya zo zaure yana lissafin abin da matarsa za ta ci a watanni tara da suka gabaci wannan rana. Ra'ayina, wanda zan kare a nan, shi ne mun juya al'amarin: muna barin mace da yunwar da ba a gani lokacin da take gina jinin mutum biyu, sa'annan idan ta sauka mu cika ta da kanwa da sunan gata.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a cikin gidanmu. 'Yar ƙanwata tana da ciki na uku, wata shida, sai muka lura ba ta iya hawa 'yan matakalan bene ba tare da ta tsaya tana haki ba. Tafin hannunta ya yi fari, cikin fatar idonta ya koɗe, ga jiri idan ta miƙe. Tsofaffi suka ce laulayi ne. Da ta je awo aka auna jininta, ungozomar asibiti ta rubuta 8.4 a katinta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne mai cikin da jininta ya gaza 11 a watanni ukun farko da na ƙarshe, ko ya gaza 10.5 a watanni ukun tsakiya, tana da ƙarancin jini, idan kuwa ya gaza 7 abin ya yi tsanani. Ke nan tana gangarawa zuwa bakin rami, mu kuwa muna kiran abin laulayi.

Dalilin da ya sa wannan lamba take da nauyi a bayyane yake. Jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi a lokacin ciki, kuma jiki ba ya ƙera jan jini sai da sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Haihuwa kowace iri ce tana tafiya da zubar jini. Wadda ta shiga ɗakin haihuwa da jini cikakke tana iya jure abin da zai kayar da wadda ta shiga da rabi. Ɗan ma yakan zo da ƙarancin nauyi ko ya zo kafin lokacinsa.

Sai na zauna da ita na ce, “'Yata, faɗa mini abin da kike ci daga safe zuwa dare.” Ta ce, “Kawu, ai ina ƙoshi.” Gaskiya ta faɗa, tana ƙoshi. Da safe shayi mai kauri da burodi. Da rana shinkafa da mai da yaji. Da dare tuwo da miyar kuka, tsokar naman kuwa tana kwanon maigida. Tsakanin waɗannan tana tsotsar farar ƙasa, wadda ake kira ayilo a kasuwanninmu. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta tun awon farko suna nan cikin leda, domin sun sa ta tashin zuciya, sun mayar da bayan gidanta baƙi, kuma wata ta gaya mata suna sa ɗa ya yi girman da ba zai fito ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da amsarsa. Shayi yana ɗauke da wani sinadari da ke kama ƙarfen abinci a cikin hanji ya hana jiki amfana da shi, don haka a raba shi da abinci da kuma ƙwayar da aƙalla awa ɗaya. Farar ƙasa ita ma tana tare ƙarfen, tana iya zuwa da ƙwan tsutsar ciki da gubar darma, kuma yawan kwaɗayinta shi kansa alama ce da ake yawan gani ga masu ƙarancin jini. Baƙin bayan gida kuwa ba cuta ba ne, ragowar ƙarfen ne yake fita. Tashin zuciya yakan ragu idan aka sha ƙwayar da dare ko bayan an ɗan taɓa abinci. Maganar girman ɗa ba ta da tushe: ƙwayar jinin uwa take ginawa, kuma uwar da ba ta da jini ita ce naƙuda ta fi wahalar da ita.

Gyaran da muka yi bai kai kuɗin ƙafar rago ba. Da safe koko da ƙosai, ko wake da shinkafa da dafaffen ƙwai guda. Da rana abin da aka saba, amma da miyar ganye, ko ayoyo ko zogale ko ganyen gwaza, a daka ƙananan busassun kifi da kawunansu a zuba, a sa daddawa. Bayan abinci ta sha lemon zaƙi ko ta ci gwanda, domin tsamin 'ya'yan itace yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen wake da na ganye. Na kira mijinta gefe na ce masa tsokar nan ta koma kwanonta har ta yaye, kuma ya amsa ba tare da musu ba, don bai taɓa sanin haka abin yake ba. Hanta tana da ƙarfe sosai, amma tana da wani sinadarin da yawansa ke cutar da ɗan tayi, don haka ba a mayar da ita abincin kullum. Ungozoma ta ƙara mata yawan ƙwayar, ta ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, tun da zazzaɓin yana fasa jan jini, ta kuma ce ta kwana a gidan sauro. Bayan mako shida lambar ta haura 10.

A lura, ba a ce mai ciki ta ninka abincinta ba. A watanni ukun farko kusan babu ƙarin da ake bukata. A watannin ƙarshe ƙarin bai wuce ƙaramin kwano guda a yini ba, kamar kofin fura da nonon da aka tafasa, da 'yar gyaɗa. Abin da ke cikin kwanon ya fi girman kwanon muhimmanci.

Game da motsa jiki, a zango mata iri biyu ne. Akwai wadda aka zaunar a ɗaki ana cewa kada ta motsa, akwai wadda take ɗaukar bokitin ruwa a ka tana tsaye gaban murhu tun asuba da ciki wata takwas. Duka biyun an ƙware su. Abin da masana suka tsayar ga mai ciki lafiyayya shi ne minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa kwana biyar, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Ma'auninsa mai sauƙi ne: idan tana iya hira tana tafiya, daidai ne, idan magana ta gagara, ta sassauta. Wannan yana rage ciwon baya da taurin bayan gida, yana taimakawa wajen kiyaye sukarin jini. Amma idan ta ga jini, ko ruwa ya zubo, ko mara ta riƙa murɗawa a kai a kai, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani da kumburin fuska, ko motsin ɗa ya ragu, ta nufi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Yanzu ga wurin da na san zan sha suka. Da 'yar tamu ta sauka lafiya, kakarta ta zo da ƙullin kanwa da niyyar dama mata kunu safe da yamma har arba'in, ga tukunyar wankan jego tana tafasa. Na durƙusa na ce, “Inna, a yi mini afuwa, ina da magana.” Ta ce da wannan kunu ta yi jegon 'ya'ya tara. Ban musa mata ba, kuma hikimar da ke cikin jego ba ƙarama ba ce: hutun kwana arba'in, abinci mai ɗumi, farfesu, da hannun uwa a kusa, duk abubuwa ne da matan wasu al'ummu suke nema ba su samu ba. Sai dai kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya tara ruwa, tana ɗaga hawan jini. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin matan Hausawa da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ba kanwa kaɗai ke kawo wannan ciwo ba, kuma mata da yawa sun sha sun tsira. Amma zuciyar da ta yi wata tara tana aikin mutum biyu ba ta bukatar a ɗora mata ƙarin kaya, balle zuciyar wadda ta yi fama da ƙarancin jini.

Nono kuwa ba kanwa ke kawo shi ba. Tsotson jariri ne ke kawo shi: gwargwadon yadda aka sa shi a mama dare da rana, gwargwadon yadda nonon ke zuwa. Mai shayarwa tana bukatar abinci fiye da lokacin da take da ciki, kusan ƙarin kwano guda cikakke a yini, da ruwan sha duk sa'ad da ta zauna shayarwa, ta kuma ci gaba da ƙwayar ƙarin jini yadda aka umarce ta. Jaririn kuwa nono zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo.

Muka daidaita da Inna a kan kunun gero da gyaɗa da tsamiya, ba kanwa, da wanka da ruwa mai ɗumin da gwiwar hannu za ta iya jurewa. Mai jego ta riƙa zagaya tsakar gida tun kwanakin farko, domin doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a ƙafa. Na kuma roƙi kowa a gidan ya riƙe alamomi huɗu: kumburin ƙafa da ke ƙaruwa, haki ba tare da aiki ba, tari da dare, da kasa kwanciya sai an jingina da matasai. Mai jegon da ta nuna waɗannan ba sanyi ne ya shige ta ba, kuma ƙara mata zafin ruwa ƙara mata ciwo ne. A kai ta asibiti nan take.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban ce a watsar da jego ba, cewa na yi a cire masa abu guda, a kuma fara gatan tun ranar da aka san akwai ciki. Roƙona ga magidanta shi ne, kafin ka tambayi kuɗin rago, ka karɓi katin awon iyalinka ka duba lambar jininta, ka tambaye ta abin da ta ci yau. Ranar suna Inna ce da kanta ta dama kunun tsamiyar, tana mita tana cewa ba shi da armashi, mai jego kuwa ta shanye kofi biyu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, amin.